Me ya sa "yaya kake?" ta ƙi zama a fassarar gaisuwa?

"Malam, an ba ni fassarar wani ɗan wasan kwaikwayo na rediyo daga Turanci zuwa Hausa. A wani fage likita ta ce wa wani dattijo mara lafiya 'haw a yu', sai na sa 'yaya kake?' Shi kuma na sa ya amsa da 'ina lafiya, na gode, ke fa?' Wanda ya duba aikin ya ja layi a ƙarƙashi ya ce wannan ba Hausa ba ce. Ni kuwa na ga kowace kalma daidai take. Ina kuskuren yake? Kuma in na canja kalmomin, ban ci amanar marubucin ba?"

Malama, wanda ya duba miki aikin yana da gaskiya, ke ma kuma kina da taki gaskiyar, domin ƙamus ba zai kama ki da laifin ko kalma ɗaya ba. Inda aka samu tangarɗa shi ne kin fassara abin da kalmomin suke nufi, alhali masu maganar ba ma'anar kalmomin suke miƙa wa juna ba a wannan lokacin. Wani aiki suke yi da su, kuma aikin ne ya kamata ya tsallako zuwa Hausa.

Mu fara daga gida, don abin ya fi fitowa fili. In kika ce da mutum "ina gajiya?" me yake cewa? "Ba gajiya." Ko da yini ya yi yana aikin ƙarfi, ƙafafunsa na rawa, haka zai ce, kuma ba wanda zai kira shi maƙaryaci. In kika ce "ina labari?" zai ce "sai alheri", ko da kuwa da mugun labari ya zo a bakinsa. Sai an gama gaisawa, an ɗan yi shiru, sannan ya gyara zama ya ce, "To, dama abin da ya kawo ni..." Ke da shi duk kun san ba rahoton gajiyarsa kika nema ba. Kin nuna masa kin gan shi, kin san darajarsa, kuma ƙofar magana a buɗe take. Wani masanin halayyar al'umma, Bronislaw Malinowski, wanda ya zauna da mutanen tsibiran Trobriand kusa da New Guinea, ya yi bayanin irin wannan magana tun a 1923. Ya ce tambayar lafiya da zancen yanayin gari da makamantansu ba don isar da labari ake yin su ba, don ƙulla zumunci tsakanin masu magana ne. Daga baya, a 1975, wani masanin nazarin hira, Harvey Sacks, ya yi nazari a kan ita wannan gaisuwa ta Turanci da ta ba ki wahala, ya nuna cewa mai amsawa kusan dole ne ya ce lafiya yake, domin in ya faɗi akasin haka ya ɗora wa mai tambaya nauyin ya tsaya ya ji dalili, ko da ba shi ne ya kamata ya ji ba.

Saboda haka abu na farko da nake yi in na ci karo da irin wannan jimla shi ne in rufe ƙamus in tambayi kaina: a wannan wuri, da wannan lokaci, tsakanin waɗannan mutane biyu, da Hausa suke magana tun asali, me zai fito daga bakin wannan? Tambayar tana da ƙafafu uku, kuma Turancin ya ɓoye miki duka ukun.

Ta farko lokaci ce da hali. Gaisuwar Turancin nan guda ɗaya ce, ana yin ta da safe, ana yin ta da dare, ana yi wa mai lafiya, ana yi wa majinyaci. Mu kuwa gaisuwarmu tana duban agogo, tana kuma duban halin da ta tarar da mutum. Da safe "ina kwana", da rana ta yi nisa "ina wuni", wanda ya dawo daga tafiya "ina gajiya" ko "ya hanya", wanda aka tarar yana aiki "sannu da aiki", majinyaci "ya jiki", wanda aka yi wa rasuwa "ya haƙuri". Jimla ɗaya ta Turanci tana iya zama kowace daga cikin waɗannan, kuma fagen ne zai gaya miki wacce. "Yaya kake?" ma tana nan a bakin mutane, musamman "ya kake?" tsakanin abokai da tsararraki, ko daga babba zuwa yaro. Amma gaisuwar tsara ce. Yarinyar likita ba za ta tari dattijon da ya isa ya haife ta da ita ba, in ta yi kuwa mai sauraro zai ɗauke ta marar kunya, alhali marubucin bai rubuta ta a haka ba.

Wannan ya kawo mu ga ta biyu, wato wane ne yake magana da wa. Turanci yana da wakilin suna ɗaya tak na wanda ake magana da shi, namiji ne ko mace, ɗaya ne ko taro, sarki ne ko yaro. Hausa ba za ta bar ki ki wuce ba sai kin zaɓa: ka, ko ki, ko ku na girmamawa, ko kuma ki kauce gaba ɗaya ki ce "an tashi lafiya?" Duk wanda kika zaɓa kin faɗi wani abu game da alaƙarsu, ko kin yi niyya ko ba ki yi ba. Haka ma lakabi. Inda Baturiyar likita za ta ce "Mista wane" don nuna ladabi, tamu "Baba" za ta ce, ko "Malam", ko "Alhaji", gwargwadon shekarunsa da abin da ta sani game da shi. Kiran dattijo da sunansa kai tsaye, ko da an liƙa masa "Mista" a gaba, ba ya ɗauke da ladabin da asalin yake ɗauke da shi.

Ta uku ita ce wadda masu koyo suka fi mantawa, kuma a nan nake so ki fi tsayawa. Gaisuwa tafe take da 'yar rakiyarta. Kowace tambaya tana da amsar da aka yanka mata: "ina aiki?" sai "da godiya", "ya jiki?" sai "da sauƙi", "sannu" sai "yauwa", "barka da zuwa" sai "barka kadai" ko "yauwa, barka dai", "a gai da gida" sai "za su ji". Shi Sacks ɗin tare da abokin aikinsa Emanuel Schegloff sun bayyana wannan tsari a 1973, cewa akwai maganganun da suke zuwa biyu-biyu, ta farko tana kiran ta biyu, in ta biyun ba ta zo ba sai a ji giɓi. Abin da wannan yake nufi ga mai fassara shi ne ba a fassara layin likita daban, a fassara na dattijo daban. Tare ake ɗaukarsu. Da zarar kin sa "ya jiki?" a bakin likita, amsar dattijo ta riga ta tabbata, ko me Turancin ya ce. A nan ne "ina lafiya, na gode" ta fi tona kanta. Bahaushe ba ya cewa "ina lafiya" don amsa gaisuwa, "lafiya lau" yake cewa ko "lafiya ƙalau". Ba ya kuma yi wa mai gaishe shi godiya a kan tambayar, in zai gode to Allah zai gode wa. Sannan ba ya mayar da gaisuwa da "ke fa?", wata sabuwar tambaya yake jefowa, "ya aiki?" ko "ya gida?"

Bari mu ɗauki fage irin naki mu bi shi daga farko har ƙarshe. Safiya ce, likita matashiya, majinyacin dattijo ne da ya kwana a asibiti. In aka bi kalmomin Turancin ɗaya bayan ɗaya, ga abin da za a samu:

"Safiya mai kyau, Mista. Yaya kake?"
"Ina lafiya, na gode. Ke fa?"
"Ina lafiya. To, yaya kake yau?"
"Ba sosai ba. Ban yi barci ba."
"Ina baƙin cikin jin haka."

Ga kuma yadda ni zan sa shi:

"Baba, ina kwana? Ya jiki?"
"Lafiya lau, likita. Jiki da sauƙi. Ya aiki?"
"Da godiya. To Baba, gaya mini, me kake ji yau? An samu barci kuwa?"
"Ina fa. Yadda na ga rana haka na ga dare."
"Ayya, sannu Baba."

Dubi layi na uku da kyau, domin nan ne wurin da ya fi kowane wuri haɗari. A Turancin, likitar ta maimaita kusan jimlar da ta faɗa a layin farko, sai dai ta ƙara "yau" ta kuma sauya murya. Ta farkon gaisuwa ce, ta biyun tambayar likita ce ta gaske, wadda take son amsarta don ta san abin da za ta rubuta. Kalmomi iri ɗaya, aiki daban. In kika fassara ta biyun da "ya jiki?" kuma, kin ɗaure bakin dattijon, domin amsar "ya jiki?" ita ce "da sauƙi", sai ƙorafin da ya biyo baya ya zo kamar ya saɓa wa kansa. Dole ki nemo tambayar da ba ta da amsar da aka yanka mata, kamar "me kake ji?" ko "ina ne yake maka ciwo?" Kalmar "to" da "gaya mini" su ne alamar da ke shaida wa mai sauraro cewa gaisuwa ta ƙare, an shiga zance.

Ta yaya za ki gane wacce ce gaisuwa wacce ce tambaya? Ki duba inda ta faɗo. In a bakin ƙofar hira take, kafin a ce komai, gaisuwa ce. In ta zo bayan an riga an gaisa, ko an maimaita ta, ko an ƙara mata wata kalma irin "yau" ko "da gaske", ko mai tambayar ya yi shiru yana jira, to ta farka ta zama tambaya. Ki kuma duba amsar da marubucin ya bayar. Gajeriyar amsa da aka mayar da tambaya nan take ta gaisuwa ce, doguwa mai bayani kuwa ta nuna an ɗauki tambayar da gaske.

Wannan bambanci ba na kan takarda kaɗai ba ne. Na taɓa zama kusa da wani tafinta a wani asibiti, likitan baƙo ne ba ya jin Hausa. Ya tambayi wata tsohuwa yadda take ji, tafintan ya ce mata "ya jiki?", ta ce "da sauƙi", shi kuma ya juya ya gaya wa likita da Turanci cewa ta ce ta samu sauƙi. Likita ya fara rubutu da alamar jin daɗi. Matar kuwa ko zama ba ta iya yi sosai don ciwo. 'Yarta ce ta sa baki ta ce ai tun jiya ba ta runtsa ba. Tafintan bai yi ƙarya ba, amma ya yi kuskure sau biyu cikin numfashi ɗaya: ya mayar da tambayar likita gaisuwa a hanyar zuwa, ya mayar da amsar gaisuwa rahoton lafiya a hanyar dawowa. Tun daga ranar nake gaya wa ɗalibaina cewa "da sauƙi" a bakin majinyaci ladabi ne da tawakkali, kada a kai ta gaban likita a matsayin bayanin ciwo sai an sake tambaya.

Layi na ƙarshe ma yana da nasa darasin. Kalmar "sori" ta Turanci, wadda likitar ta faɗa a nan, aƙalla ayyuka uku take yi. Tana neman afuwa, a nan sai mu ce "yi haƙuri" ko "ka yafe ni". Tana jajantawa, a nan sai "sannu" ko "ayya", in rasuwa ce kuma "Allah ya jiƙansa, ya ba da haƙuri". Tana kuma neman a maimaita magana, a nan sai "na'am?" ko "me ka ce?" Likitar ba ta yi wa dattijon laifi ba, don haka "sannu" ce tata. In kika sa mata "ka yafe ni", mai sauraro zai fara tunanin ko ita ce ta ba shi maganin da ya hana shi barci. Ita kuwa "sannu", in wata rana aikin ya juya kika koma fassarawa daga Hausa, za ki ga ba ta da takwara guda a Turanci ko kaɗan. Ta wanda ya yi tuntuɓe daban, ta mai aiki daban, ta baƙon da ya iso daban, kowacce sai an nemo mata abin da su suke faɗa a wannan hali, wani lokacin ma ba sa cewa komai.

Akwai wasu guda biyu da nake yawan gani a ayyukan da ake kawo mini, zan ambace su a gurguje. "Gud nayit" sallama ce, ba a tarar mutum da ita, don haka "sai da safe" ce ko "mu kwana lafiya", ba "barka da dare" ba, wadda ta isowa ce. Sai amsar godiya da Turawa suke yi da kalmarsu ta maraba. Na sha ganin an rubuta "na gode", a amsa da "barka da zuwa". "Ba komai" ake cewa.

Yanzu ga batun amana, wanda na ji daɗi da kika tayar, domin mai fassarar da ba ya jin wannan tsoron bai kamata a ba shi aiki ba. Ki tambayi kanki abin da marubucin ya ba ki ajiya. Ya rubuta likita mai ladabi da dattijo mai kawaici, suna gaisawa yadda kowa yake gaisawa, ta yadda mai sauraron Turanci ba zai ma lura da gaisuwar ba, hankalinsa na kan abin da zai biyo baya. In mai sauraron Hausa ya tsaya yana mamakin wace irin magana ce wannan, ko ya yi dariya, an ba shi abin da marubucin bai rubuta ba. Eugene Nida, wanda ya yi fice a nazarin fassara, a kan wannan ya gina ra'ayinsa a 1964, cewa a auna fassara da yadda ta taɓa mai karɓarta, a ga ko ya yi daidai da yadda asalin ya taɓa nasa mai karɓar. Ba a kowane irin rubutu nake bin wannan ra'ayi ido rufe ba, amma a kan gaisuwa ban ga abin da ya fi shi ba. Dalili kuwa shi ne su kansu masu harshen sun daina jin ma'anar kalmomin. Sallamar Turanci ta "gudbai" asalinta addu'a ce, "Allah ya kasance tare da kai", amma Baturen da yake faɗarta yau ba addu'a yake jin yana yi ba. Yaron da ya ce wa babba "shikamo" da Swahili, asalin maganar "na riƙe ƙafafunka" ne, amma gaisuwa kawai ya yi. Mu ma da muke cewa "ina kwana" ba wurin kwana muke tambaya ba. In kika tono asalin kika shimfiɗa shi a fassara, kin tayar da abin da yake barci a harshensa.

Sai dai wannan 'yanci yana da iyaka, kuma na fi ganin ƙwararru suna faɗawa ramin wuce gona da iri fiye da na bin kalma. Gaisuwarmu doguwa ce, mai daɗi a baki, sai mai fassara ya ga ai Bahaushe ba zai tsaya a layi biyu ba, ya ƙara "ya iyali, ya yara, ya muka ji da zafi" har zagaye biyar. A rediyo daƙiƙoƙinki ƙidayayyu ne, kuma in marubucin ya so a ga likita tana sauri, doguwar gaisuwa ta canja halinta. Ki ɗauki mafi ƙarancin abin da zai sa gaisuwar ta cika a kunnen Bahaushe, ki tsaya nan. A fagenmu "ina kwana" da "ya jiki" sun wadatar. Haka kuma ki kula da kalmomin da ke nuna addini ko asalin mutum. "Salamu alaikum" da "alhamdu lillahi" sun zauna daram a Hausa, amma suna gaya wa mai sauraro wani abu game da mai faɗarsu. In wasan ya bar mutanen a ƙasarsu da addininsu, "barka" da "sannu" da "lafiya lau" za su yi miki aikin ba tare da kin sauya musu kama ba. In kuwa an ce ki mayar da wasan gaba ɗaya cikin rayuwar Hausawa, wannan wata yarjejeniya ce daban, sai ki tabbatar da ita daga wanda ya ba ki aikin kafin ki fara.

Akwai kuma inda bin kalma shi ne daidai. In littafin koyon harshe ne, ɗalibi yana buƙatar duka biyun, abin da kalmomin suka ce da inda ake faɗarsu. In marubuci da gangan yake son a ji baƙuntar wata al'umma, misali ya kawo gaisuwar Sinawa ta "ka ci abinci?" don mai karatu ya san yadda suke gaisawa, sai a bar ta yadda take, a bar amsar da abin da ya biyo baya su nuna cewa gaisuwa ce ba gayyata ba. Mafi wuya shi ne inda marubucin ya yi wasa da gaisuwar kanta, wani ya ce "safiya mai kyau" ɗayan ya amsa da "me ke da kyau a cikinta?" A nan "ina kwana" kaɗai ba za ta ɗauki wasan ba, sai kin sake gina shi da kayan Hausa: "An tashi lafiya?" "Wace lafiya kuma?" Aikin amsar, wato ƙin karɓar gaisuwa don nuna ɓacin rai, ya tsallako, ko da yake kalmar safiya ta zauna a can.

Kafin ki mayar da aikin, ki samu mutum biyu da ba su ga Turancin ba, ki ba ɗaya layukan likita, ɗaya na dattijo, su karanta da ƙarfi ke kina saurare ba tare da kin kalli takarda ba. Ki lura da inda mai karanta amsa ya yi tuntuɓe, ko bakinsa ya riga idonsa ya faɗi wani abu daban da abin da kika rubuta. In kin rubuta "ina lafiya" ya ce "lafiya lau" bai ma sani ba, ki goge naki ki rubuta nasa.